Yadda Ake Rubuta wa Makaranta Wasiƙa Kan Yaro Mai Sikila

Ranar da muka kai Ummi rijistar aji ɗaya, na faɗa wa hedimasta baki da baki cewa ɗiyata tana da sikila. Ya ce Allah sarki, Allah ya ba ta lafiya, za a kula in sha Allahu. Na koma gida hankalina kwance. Shekara biyu da 'yan watanni bayan nan, cikin hunturun watan Janairu, tana aji uku, ta yi latti wata safiya. Malamin da ke tsaron 'yan latti sabo ne, bai san ta ba. Ya sa ta cire rigar sanyinta saboda ba kalar yunifom ba ce, ta durƙusa a kan siminti tare da sauran yara, iskar nan mai ƙura tana kaɗawa. Kafin magariba ƙafafu da baya sun riƙe. Kwana shida muka yi a asibiti.

Na daɗe ina jin haushin malamin nan. Da na huce sai na ga ba shi da hanyar da zai sani. Maganar da na yi ta tsaya a kunnen mutum ɗaya, a ofis, shekara biyu baya. Babu takarda a fayil ɗinta, babu komai a aji, babu abin da za a nuna wa sabon malami. Tun daga lokacin duk farkon shekarar karatu muna rubuta wasiƙa, ni da babanta, kuma mun gyara ta sau da yawa kafin ta zama mai aiki. Yadda muke yi ne zan shimfiɗa a nan. Da sikila zan yi misali don ita na sani, amma mai asma ko farfaɗiya zai iya bin tsarin, ya canza abin da ke ciki da taimakon likitansa.

Tun kafin ku ɗauki biro, ku san wa kuke rubuta wa. Sunan hedimasta ne a sama, amma wanda zai yi aiki da takardar shi ne malamin da ke tsaye gaban yara hamsin da ƙarfe sha ɗaya na safe, ɗiyarku ta kifa kai a tebur tana kuka, ya kira wayarku sau uku ba ta shiga ba. Duk jimlar da ba za ta taimaki wannan mutumin ba, ku cire ta.

Mataki na farko: ku ƙirga, kada ku ƙiyasta

Ku fito da katin asibiti, takardun sallama da sakamakon makaranta na bara, ku zauna ku ƙirga kwanakin da yaro bai je ba. Mu da muka yi, kwana 31 muka samu a shekara ɗaya: kwanciya asibiti sau uku ta cinye kwana 15, zuwa ganin likita kwana 4, sauran 12 a gida take kwance. Da an tambaye ni kafin nan, da na ce wajen sati biyu ne.

Ƙirgar nan ta nuna mana lokacin da ciwon ya fi tashi. Kwanciya biyu tsakanin Disamba da Fabrairu ne, lokacin sanyi. Ta uku a ƙarshen damina, zazzaɓin cizon sauro ya tayar. Kwanakin gida kuma yawancinsu a bazara, Afrilu da Mayu, sa'adda zafin Katsina ke haura digiri 40, yaro ya yi ta gumi bai sha ruwa ba. Shugaban makaranta da aka ce wa "tana yawan rashin lafiya" addu'a zai yi. Wanda aka ce wa "bara ta rasa kwana 31, mafi yawansu a zango na biyu" ya san zai shirya wani abu game da gwaje-gwajen wannan zangon.

Ku kuma rubuta yadda ciwon ke farawa a jikin naku yaron, don ba ɗaya ba ne ga kowa. Ummi ba ta cewa komai da farko. Shiru take yi, ta riƙa murza gwiwar hagu, ta ƙi fita tara. Wani yaron fushi yake yi, wani barci. Wannan bayanin babu likitan da zai ba makaranta, ku kaɗai kuka san shi.

Mataki na biyu: takardar likita

A ranar ganin likita ta gaba ku nemi ya rubuta gajeren rahoto zuwa ga makaranta, a takardar asibiti mai hatimi. Ko Asibitin Koyarwa na Tarayya kuke zuwa, ko Babban Asibitin Katsina, ko Asibitin Mata da Yara na Turai 'Yar'aduwa, ku tambaya da wuri, don rahoto yakan ɗauki kwanaki. Abu huɗu nake roƙon ya sa: nau'in sikilar, SS ce ko SC, magungunan da take sha kullum, yawan jinin da ta saba zama da shi in tana lafiya, da adadin maganin ciwo da ya yarda a ba ta a makaranta, gwargwadon nauyinta.

Na ƙarshen nan kada ku ƙiyasta shi da kanku, kuma kada ku kwafi nawa. Ummi kilo 24 ce, likita ya rubuta mata farasitamol miligiram 360, wato mililita 15 na ruwan maganin da ke da miligiram 120 a kowace mililita 5. In nauyi ya canza, adadi ya canza, shi ya sa ake sabunta takardar duk shekara.

Mataki na uku: ku bi sawun yaron cikin makarantar

Wannan matakin ne na fi ganin amfaninsa, kuma shi aka fi tsallakewa. Ku je makarantar da safe, da izini, ku bi ranar yaronku daga ƙofa har tashi. Ina ake tare 'yan latti, me ake sa su? Taron safe minti nawa ne, a rana ko a inuwa? Ina kujerarta take, kusa da tagar da ba ta da marfi ko ƙarƙashin fanka? Akwai ruwan sha, ko sai an fita tara a sayi fiya wata? Banɗaki a buɗe yake ko makullin yana hannun wani? Wa ke shara, wa ke ɗebo ruwa?

Ni a nan na gano abin da ya fi ba ni tausayi. Ummi tana dawowa da gorar ruwanta cike kullum, ina ta faɗa. Ashe malamar ajin ba ta barin a fita fitsari sai lokacin tara, an taɓa yi mata dariya da ta ɗaga hannu sau biyu a darasi ɗaya, sai ta daina shan ruwan gaba ɗaya don kada fitsari ya matse ta. Mai sikila kuwa ƙodarsa ba ta iya riƙe ruwa kamar ta sauran mutane, yana yawan fitsari ko ya sha ko bai sha ba, kuma ƙarancin ruwa a jiki yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon. Saboda haka izinin shan ruwa da izinin banɗaki abu ɗaya ne. In kun nemi ɗaya kun bar ɗaya, ba ku nemi komai ba.

Duk abin da kuka gani a zagayen nan shi zai zama buƙatunku. Kada su wuce shida ko bakwai. Ku zaɓi waɗanda makaranta za ta iya yi ba tare da ta kashe ko sisi ba, abin da ke buƙatar kuɗi kuma, irin su ma'aunin zafin jiki da maganin, ku ku kawo.

Mataki na huɗu: rubutun kansa

Shafi ɗaya da rabi ya isa. Da Hausa muke rubuta tamu, saboda ina so maigadi da inna mai kula da yara su ji in an karanta musu. In makarantar ta fi son Turanci a fayil, a yi biyu, a manne su tare.

Bayanin ciwon kada ya wuce jimla huɗu ko biyar. Malami ba ya buƙatar lacca, amma akwai abu biyu da lalle ya gani a rubuce: ciwon gado ne ba a ɗaukarsa, kuma yaro zai iya zuwa da safe garau kafin azahar yana birgima. Na biyun ne ke hana a ce ƙarya take, ɗazu na gan ta tana wasa.

Sai buƙatu. A nan ake yin kuskuren da na yi a wasiƙarmu ta farko, inda na rubuta "muna roƙon a riƙa kula da ita sosai, kada a wahalar da ita". Kowa ya fassara yadda ya ga dama. Malamar aji ta hana ta fita tara, malamin wasanni ya zaunar da ita ita kaɗai a baranda zango guda, ta dawo tana cewa ba ta son makarantar. Kowace buƙata a rubuta ta da aikin da za a yi, da wanda zai yi, da ɗan dalili a taƙaice. Ga wadda muka kai a 2025, na cire sunaye da lambobi.

*Ƙofar Ƙaura, Katsina.*
*15 ga Satumba, 2025.*

*Zuwa ga Shugaban Makaranta,*
*ta hannun malamin aji huɗu.*

*Assalamu alaikum.*

*BAYANI KAN LAFIYAR UMMI, 'YAR AJI HUƊU, DA ABIN DA MUKE NEMA*

*Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan an dawo hutu lafiya, mun rubuto ne game da ɗiyarmu mai shekara 9. Tana da ciwon sikila nau'in SS, rahoton likitanta yana manne da wannan takarda. Ciwo ne na gado, ba a ɗaukarsa ta zama tare ko cin abinci tare. Ƙwayoyin jininta sukan lanƙwashe su toshe ƙananan hanyoyin jini, shi ke kawo ciwo mai tsanani a ƙashi da gaɓoɓi. Sanyi, ƙishirwa, gajiya mai yawa da zazzaɓi su ke tayar da shi, kuma yakan zo farat ɗaya ga yarinyar da ta shigo lafiya ƙalau. Jininta ba ya kai na sauran yara, shi ya sa take saurin gajiya, idonta kuma kan yi ɗan rawaya ko tana lafiya.*

*Bara ta rasa kwana 31, mafi yawansu a zango na biyu. Muna neman alfarmar abubuwa kamar haka:*

*1. Ta ajiye gorar ruwanta a kan tebur, ta sha duk lokacin da ta so. Muna so ta shanye lita ɗaya kafin a tashi.*

*2. Ta fita banɗaki ba tare da jiran izini ba, ta nuna katin da muka ba ta kawai.*

*3. A lokacin sanyi ta sa rigar sanyi, safa da hula, ko a taron safe. Mun saya mata mai kalar yunifom. Kujerarta ta kasance nesa da taga da fanka.*

*4. In ta yi laifi a hukunta ta, amma ban da bulala, tsallen kwaɗo, kamun kunne, durƙuso ko tsayuwa a rana. A ba ta aikin rubutu, ko a kira mu.*

*5. Ta yi wasa da motsa jiki tare da 'yan ajinsu. In ta ce ta gaji a bar ta ta huta ta sha ruwa. Ban da tseren nesa, ɗebo ruwa da sharar fili cikin ƙura ko rana.*

*6. In ta rasa gwaji saboda ciwo, a ba ta dama ta rubuta cikin sati biyu da dawowarta, kada a sa mata sifili. Yayanta zai riƙa karɓar aikin aji duk ranar Laraba da Juma'a.*

*Abin da za a yi in ciwo ya tashi yana cikin katin aji. Mun ba da izini a kai ta asibiti nan take in alamun da ke cikin katin sun bayyana, ko an same mu a waya ko ba a same mu ba. Kuɗin mota da na kati a wuyanmu suke, mun ajiye wani abu a ambulan a wurin malamin aji.*

*Muna roƙon bayanin nan ya tsaya tsakanin malaman da ke koyar da ita, malamin ladabtarwa da maigadi. Kada a sanar a taron safe ko a gaban aji.*

*A namu ɓangaren, duk ranar da ba za ta zo ba za mu kira kafin ƙarfe takwas, kuma za mu kawo takardar asibiti bayan kowace kwanciya. Muna neman minti goma sha biyar cikin wannan satin mu zauna da kai da malamin aji.*

*Allah ya saka da alheri, ya taya ku riƙo. Wassalam.*

Ƙarƙashin nan sai sa hannunmu mu biyu, da lambobin waya uku.

Buƙata ta huɗu ita ce wadda ake samun turjiya a kanta, don haka ku lura da yadda aka gina ta. Ba mu ce kada a hukunta ta ba. Malami in ya ji ana so a fifita yaro a kan saura, ransa ba ya so, kuma yana da gaskiya, ni ma ba na son Ummi ta tashi tana ganin ta fi ƙarfin doka. Mun hana nau'in hukuncin da zai kai ta gadon asibiti, mun kawo madadinsa. Haka sakin layin da muka faɗi abin da mu za mu yi: shi ke nuna ba umarni aka zo bayarwa ba.

Maganar wa zai sani kuma, sai da muka yi ta kai-kawo a gida. Kakarta ta wajen uba ba ta so a rubuta ba sam. Cewa ta yi ɗiya mace ce, Katsina kuma kowa ya san kowa, yau an rubuta a takarda gobe magana ta bi ta har lokacin aure. Ban raina tsoronta ba, don na san ana yi. Amma ɓoyewar ce ta kai mu kwana shida a asibiti. Abin da muka tsaya a kai shi ne a faɗa wa waɗanda yarinyar ke hannunsu, a kuma rubuta ƙarara cewa iyakarsa nan. Ita Ummi ma mun karanta mata wasiƙar kafin a kai, ta ce a cire wani layi da ya yi maganar fitsarin kwance, muka cire, don ba makarantar kwana ba ce, ba ruwan kowa da shi.

Mataki na biyar: katin aji

Wasiƙa fayil za ta shiga, ba za a buɗe fayil ba ranar da abu ya faru. Shi ya sa ake yin kati daban, rabin shafi, da manyan haruffa, a sa shi a leda a manna cikin murfin rajistar aji. Kashi biyu ne.

Kashi na farko, ciwon da za a fara kula da shi a makaranta. In ta yi shiru tana murza gwiwa, ko ta ce baya ko hannu na ciwo: a yarda da ita, a kwantar da ita wuri mai ɗumi, a rufe ta, a ba ta ruwa, a auna zafin jikinta, sannan a ba ta farasitamol mililita 15, a rubuta lokacin, a kira mu. Awon zafin kafin magani ne, saboda farasitamol yana sauke zazzaɓi, in an ba ta kafin a auna sai a ɓoye alamar da likita ya fi buƙatar sani. Ba a sake ba ta sai bayan awa shida. Tsumma mai ɗumi a wurin ciwon yana taimakawa. Ƙanƙara ko ruwan sanyi kuwa ƙara tsuke hanyoyin jinin suke, kuma abin da mutum ya saba yi wa yaron da ya buge ke nan, shi ya sa na ja layi a ƙarƙashinsa. In awa ɗaya ta wuce bai lafa ba, ko tun farko ba ta iya taka ƙafa, sai asibiti.

Kashi na biyu, abin da ba a jira. Zafin jiki digiri 38 ko fiye. Ciwon ƙirji, tari da numfashi sama-sama. Baki ya karkace, magana ta sarƙe, hannu ko ƙafa ɗaya ta saki, ciwon kai mai tsanani ko jijjiga. Tafin hannu da leɓe su yi fari fat, jiki ya saki, ko ciki ya kumbura ta hagu. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa: a tare a-daidaita-sahu a tafi, a kira mu a hanya.

Ranar zaman da muka yi na bayyana wa malamin dalilin kowanne, don mutum ya fi riƙe abin da ya san dalilinsa. Saifar mai sikila takan lalace tun yana ƙarami, ita ce kuwa ke taimakawa wajen yaƙar wasu ƙwayoyin cuta, shi ya sa zazzaɓin da wani yaro zai kwana da shi, shi yana iya kayar da shi cikin awoyi. Shanyewar ɓarin jiki da muke ɗauka ciwon tsofaffi ne yana kama yara masu SS. Fari fat ɗin nan kuma jini ne ya faɗi da sauri. Ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kusan kwana 120, ta mai sikila kwana 10 zuwa 20, don haka ba shi da rarar da zai jure faɗuwa.

Masu ɗa namiji su ƙara layi ɗaya, ko da kunya: in gabansa ya miƙe yana ciwo ya ƙi kwanciya, a kira iyaye nan take, in ya kai awa biyu asibiti ne na gaggawa. Yaro ba zai faɗa wa malama ba, ku nemi malami namiji guda da zai iya zuwa wurinsa.

A ƙasan katin na rubuta cewa kada a ba ta wani magani, jiƙo, allurar kemis ko maganin ƙarin jini ban da wanda muka ajiye. Tofi da addu'a muna so, a yi su a cikin mota. Sai sunan asibitin da fayil ɗinta yake, da lambar katinta, da wayoyi uku: tawa, ta babanta, da ta ƙanena mai shago a Ƙofar Marusa, wanda ya fi mu kusa da makarantar kuma wayarsa ba ta mutuwa. Lamba ta uku ku zaɓe ta don kusanci, ba don girma ba.

Mataki na shida: kaiwa

Kada ku ba yaro ya kai. Ku yi kwafi uku, ku je da kanku cikin satin farko ko na biyu, ba ranar komawa ba da ofis ke cike da masu biyan kuɗi. Hedimasta ya sa hannu da kwanan wata a kan kwafi ɗaya ku dawo da shi gida. Ba don rigima ba, don in an canza shugaba ko fayil ya ɓace kuna da abin nunawa. Ku nemi a kira malamin aji ya zauna, ku miƙa masa leda mai ɗauke da ma'aunin zafin jiki, kwalbar magani da kofin awonta, ku sa ya auna zafin jikinku a gabanku. Namu malamin sai a ranar ya fara riƙe irin ma'aunin. Da za mu fita babanta ya tsaya wurin maigadi ya gaishe shi, ya nuna masa Ummi, ya ce Baba, wannan in ta makara da sanyi a taimaka a bar ta ta wuce aji.

In makaranta ta ce wani abu ba zai yiwu ba, ku tambayi me zai yiwu, ku rubuta shi da biro a gefen takardar. Akwai kuma abin da ba ya hannunsu. Gwajin aji da jarrabawar zango za su iya ɗagawa, amma jarrabawar shiga sakandare ta ƙasa da hukumar NECO ke shiryawa ranarta ɗaya ce. Kada ku nemi alkawarin da ba za a iya cikawa ba.

Islamiyya ma makaranta ce. Mu sai da muka shekara kafin mu tuna, alhali can ne ake zama a tabarma kan siminti da yammacin hunturu, can ne kuma ake ƙarfafa yara su gwada azumi. Mun kai musu katin, muka ƙara cewa maganar azumin Ummi tsakaninmu da likitanta ce, kada a tambaye ta a gaban yara ko tana yi.

Yadda za ku gane ko tana aiki

Ba daga bakin hedimasta za ku gane ba. Ku duba gora: in tana dawowa babu ruwa, ana barin ta ta sha ta fita. In ta fara dawowa cike, wani abu ya canza, sau da yawa sabon malami ne ko ɗalibin koyarwa da ba a nuna wa katin ba. Ku duba takardar sakamako, in kun ga sifili ko gurbi a gwajin da ya faɗo ranar tana asibiti, buƙata ta shida ba ta isa wurin mai haɗa maki ba, ku koma da kwafinku kafin a rufe zango. Ku tambayi yaron tambaya mai amsa, irin su yau sau nawa kika fita, ina kika tsaya a taron safe. "Ya makaranta?" amsarta lafiya lau ce kullum.

Akwai abu ɗaya da nake roƙon malami da baki, duk zango. In ya ga rubutunta ya canza, ko ta fara manta abin da ta iya, ko karatunta ya ja baya ba tare da ta yi fashi ba, ya gaya mana kafin ya kira shi wasa ko lalaci. Sikila takan toshe ƙananan hanyoyin jini a ƙwaƙwalwa ba tare da an ga wata alama a jiki ba, kuma malamin da ke duba littafinta kullum zai iya riga likita lura.

Farkon Disamba, kafin sanyi ya kankama, nakan koma in duba ko katin yana cikin rajista, in duba ranar lalacewar maganin, in ga ko kujerarta ba ta koma bakin taga ba. Bara na tarar an sake jera aji bisa tsawo, tana gaba daidai ƙofa. Malamin ya ce af, ya manta, muka ɗauki tebur ni da shi muka mayar da shi jikin bangon ciki.